Tsara Tambayoyin Titsiye ga Mai Shaidar da Bayaninsa ya Saɓa wa Takardun Farko: Nazari a kan Sashe na 232 na Dokar Shaida ta 2011

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda lauya ke shirya tsarin tambayoyin da zai yi wa mai shaida na abokin shari'a, idan abin da mai shaidar ya rantse a kansa ya saɓa wa takardun da aka rubuta tun kafin a zo kotu. An ɗora bayanin a kan Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, aka kuma bi misali guda na ƙarar bashin riɗi a gaban Babbar Kotun jiha. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, mafi yawan aikin ba wajen nuna takardar yake ba. Yana wajen toshe hanyoyin da mai shaida zai bi ya sulale, tun kafin ya ga takardar, da kuma sanin abin da saɓanin zai iya saya wa mai ƙara da abin da ba zai iya ba.

1.0 Gabatarwa

A kotunan da ke aiki da Dokar Shaida, mai shaida yana bi ta matakai uku. Wanda ya kira shi ne ke fara yi masa tambayoyi, sannan ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyin titsiye, daga nan wanda ya kira shi ya sake samun dama ya yi masa tambayoyin gyara a kan abin da ya taso. A matakin tsakiya doka ta yarda a yi tambaya mai ɗauke da amsarta, wato wadda lauya zai faɗi magana, mai shaida ya ce e ko a'a. A nan ne ake gwada gaskiyar abin da aka faɗa.

Tun da manyan kotunan jihohi suka koma tsarin gabatar da komai tun a farkon ƙarar da ba ta laifi ba, mai shaida ba ya zuwa ya ba da labari da baki. Ana rubuta bayaninsa, ya rantse a kai, a miƙa wa ɗaya ɓangaren tare da takardun da za a dogara da su, ranar zama kuma ya tsaya ya ce ya amince wannan bayani ya zama shaidarsa. Wannan ya sauya aikin lauya ƙwarai. Yanzu yana riƙe da kalmomin mai shaida, sakin layi bayan sakin layi, watanni kafin su haɗu, saboda haka ba shi da uzurin shiga kotu yana laluben tambaya.

Ya kamata a faɗi iyakar maganar tun yanzu. Sashe na 256 ya cire ƙararrakin da ba na laifi ba a kotunan yanki da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a daga ƙarƙashin dokar, sai fa idan an ba da umarnin aiki da ita. A can ana bin hanyar fiƙihun Malikiyya ta i'izari da tajrihi, wadda ke da nata ƙa'idoji. Abin da ke tafe ya shafi Babbar Kotu ne.

2.0 Abin da Doka ta Tanada

Sashe na 233 ya lissafa hanyoyin rushe amincin mai shaida, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce a tabbatar da cewa ya taɓa yin wani bayani da ya saɓa wa shaidarsa ta yanzu. Sashe na 232 kuma shi ya faɗi yadda ake yi idan bayanin a rubuce yake. Abu biyu ya ƙunsa. Na farko sassauci ne: ana iya yi wa mai shaida tambaya a kan abin da ya rubuta, ko aka rubuta daga bakinsa, ba tare da an nuna masa takardar ba. Na biyu sharaɗi ne: idan ana nufin a ƙaryata shi da takardar, dole a jawo hankalinsa ga ainihin wuraren da za a yi amfani da su kafin a gabatar da ita. Kotu kuma tana da ikon neman ganin takardar a kowane lokaci.

Wannan tsari gado ne daga Ingila. A shari'ar Sarauniya Caroline ta 1820 an yanke cewa sai an nuna wa mai shaida takarda kafin a tambaye shi abin da ke cikinta, abin da ya ba maƙaryaci damar daidaita labarinsa da takardar. Dokokin da suka biyo baya a ƙarni na 19 suka soke wannan, kuma gyaran ne ya iso Nijeriya. Duk tsarin tambayoyin da za a bayyana a ƙasa yana zaune ne a tsakanin sassaucin nan da sharaɗin nan: akwai tazarar da lauya zai yi tambaya takardar tana kife a kan teburinsa, akwai kuma lokacin da dole ya buɗe ta.

3.0 Misalin da za a Bi

Misalin ƙirƙirarre ne, amma irinsa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san cinikin amfanin gona a kasuwa irin ta Dawanau a Kano. Wani ɗan kasuwa ya kai ƙarar wani kamfanin sayen riɗi. Ya ce ranar 12 ga Maris, 2022 ya aika da buhu 300 a kan naira 90,000 kowane buhu, kamfanin ya biya kuɗin buhu 200, ya riƙe na 100, wato naira miliyan 9. Kamfanin ya ce buhu 200 kawai ya karɓa. Babban mai shaidarsa shi ne mai kula da sito. A sakin layi na 6 na bayaninsa na rantsuwa, wanda aka yi a watan Oktoba na 2023, ya ce motar ta iso ranar 12 ga Maris da buhu 200, shi da kansa ya ƙirga. A sakin layi na 7 ya ce nan take ya shaida wa direba da manaja cewa kayan ba su cika ba.

Takardu huɗu ne a hannun lauyan mai ƙara. Akwai takardar rakiyar kaya wadda akawun mai ƙara ya cike, ya rubuta buhu 300, mai kula da sito ya sa hannu a ƙasa a gurbin wanda ya karɓa. Akwai littafin sito, wanda kamfanin da kansa ya haɗa cikin takardunsa domin ya nuna wasu kaya dabam da suka fita a watan Afrilu, amma a shafi na 41, a layin ranar 12 ga Maris, an rubuta riɗi 300 da rubutun mai kula da siton. Akwai bayanin da ya yi wa 'yan sanda a watan Mayu na 2022, lokacin da mai ƙara ya fara kai koke can, wanda wani kurtu ya rubuta da Turanci, inda aka ce kimanin buhu ɗari uku aka sauke. Ta huɗu wasiƙa ce daga lauyan kamfanin, wadda ta ce kayan sun iso ranar 14 ga Maris.

4.0 Tantance Takardu Kafin Rubuta Tambaya

Kuskuren da sabon lauya ya fi yi shi ne ya ɗauki takardun nan huɗu a matsayin makami iri ɗaya, ya jera su bisa kwanan wata, ya shiga kotu. Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, kowace takarda tana bukatar a tambaye ta: maganar wane ne a cikinta?

Sashe na 232 yana magana ne a kan bayanin mai shaidar kansa. Wasiƙar lauyan kamfani ba shi ya rubuta ba, ba kuma daga bakinsa aka rubuta ba. Idan aka ɗaga masa ita, amsarsa a shirye take: ban san da ita ba. Bugu da ƙari, saɓanin da ke cikinta na kwana biyu ne, kuma babu wanda ke jayayya cewa motar ta zo. Kotunan Nijeriya sun daɗe suna bambanta saɓani a kan jigon magana da ɗan bambancin da ba ya taɓa abin da ake jayayya a kai, har sukan lura cewa mutanen da ke faɗin gaskiya ma sukan sha bamban a ƙananan abubuwa. Don haka wasiƙar ba ta da gurbi a tsarin tambayoyin wannan mai shaida. Sanya ta a ciki ɓata lokaci ne, kuma yana koya wa alƙali cewa lauyan ba ya bambance babba da ƙarami, alhali ana so ya ɗauki alƙalami da sauri idan an zo kan babban.

Sauran ukun ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Littafin sito rubutunsa ne, a ranar ya yi shi, kafin a san za a yi rigima, kuma ɓangarensa ne ya kawo shi. Babu abin da ya fi wannan. Takardar rakiyar kaya tana biye, amma tana da rauni: adadin ba shi ya rubuta ba, sa hannu kawai ya yi. Bayanin 'yan sanda shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne ya fi ɗaukar ido. An yi shi bayan wata biyu, da harshen da mai yiwuwa mai shaidar ba ya karantawa, ta hannun wani, kuma kalmar "kimanin" tana rage masa kaifi.

Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda ita ce zuciyar shirin: shin akwai yadda za a yi maganar rantsuwa da takardar su zama gaskiya gaba ɗaya? Idan akwai, to ba a riga an sami saɓani ba, an sami kamanninsa ne. Lauya ya zauna a kujerar mai shaida, ya nemi duk mafitar da mai wayo zai nema. A wannan misali mafita biyar ce. Zai iya cewa sa hannun ba nasa ba ne. Zai iya cewa ba ya karatun boko, an ce ya sa hannu ne ya sa. Zai iya cewa ya sa hannu kafin a gama sauke kaya domin direba yana sauri. Zai iya cewa 300 ɗin da ke littafi jimillar mota biyu ce, 200 na mai ƙara, 100 na wani. Zai kuma iya cewa 300 suka zo, amma an mayar da 100 saboda ƙasa ko danshi.

Mafita ta biyar ba a kotu ake fara bincikenta ba, a ofis ake yi. Dole lauya ya zaunar da wanda yake wakilta da direban motar ya tambaye su kai tsaye ko an taɓa mayar da wani abu. Idan an mayar, to tsarin gaba ɗaya tarko ne da lauya ya haƙa wa kansa. Idan ba a mayar ba, sai ya duba takardar kariyar kamfanin. A dokar Nijeriya, shaidar da aka bayar a kan abin da ba a ambata a takardun ƙara ko na kariya ba, ba ta da amfani. Kamfanin da ya ce 200 suka zo bai ce an mayar da komai ba, kuma maganganun biyu ba sa haɗuwa. Ana rubuta wannan a gefen shafi, domin idan mai shaida ya bi ta nan, lauya ya san ba rauni ya samu ba, riba ya ci.

5.0 Siffar Tsarin a kan Takarda

Tsarin ba jerin tambayoyi ba ne daga ɗaya zuwa ɗari. An fi samun sauƙi idan kowane batu ya sami shafinsa, a saman shafin kuma a rubuta jimla ɗaya wadda lauya ke so ya iya faɗa a jawabinsa na ƙarshe. Misali: mai shaida ya amsa cewa ba ya rubuta adadi a littafi sai ya ƙirga. Daga wannan jimla ake komawa baya a nemi ƙananan amsoshin da za su haife ta.

Shafin yana da gida uku. A na farko ana rubuta gaskiyar da ake so ya amsa, ɗaya a kowane layi. A na biyu ana rubuta inda aka samo ta: takarda kaza, shafi kaza, layi kaza. A na uku ana rubuta abin da za a yi idan ya musa. Layin da gidansa na biyu ya zauna babu komai, layi ne da lauya ba shi da abin da zai kama mai shaida da shi idan ya ce a'a. Irin wannan ko dai a goge shi, ko a bar shi da sanin cewa duk amsar da ta zo ba za ta yi lahani ba.

Akwai dalilai biyu na zahiri da suka sa dole tambayoyin su gajarta. A kotuna da dama har yanzu alƙali da hannunsa yake rubuta abin da aka faɗa, kuma abin da bai shiga rubutunsa ba kotun ɗaukaka ƙara ba za ta gan shi ba. Sannan harshen Babbar Kotu Turanci ne, mai kula da sito kuwa ta bakin tafinta zai yi magana. Tambaya mai rassa biyu idan ta ratsa ta tafinta takan fito da reshe ɗaya, amsar "e" kuma ba a san wanne ta amsa ba.

6.0 Jerin Batutuwa

Littattafan koyar da lauyoyi sukan ce a fara da sa mai shaida ya maimaita abin da ya rantse a kai, sannan a gina darajar takardar farko, sannan a haɗa shi da ita. Wannan jeri ya fi dacewa da inda ake ba da shaida da baki. Inda bayanin yake a rubuce kuma ya riga ya amince da shi a gaban alƙali, ya riga ya ɗaure kansa. Fara tambaya da sakin layi na 6 sanar da shi ne inda aka dosa, daga nan kuwa duk amsar da zai bayar zai auna ta da buhu 300. Ya fi kyau a fara da aikinsa na yau da kullum, inda ba ya ganin haɗari, inda ma yake jin daɗin a san shi ma'aikaci ne mai kula. Mutum ba ya son ya ce a gaban maigidansa yana sa hannu a takarda ba tare da ya duba ba.

Shafin farko zai iya tafiya kamar haka, yadda tafinta zai isar da shi:

"Malam, ka daɗe kana kula da siton nan?"
"Shekara takwas, ranka ya daɗe."
"Duk buhun da ya ɓata a sito, kai ake tambaya."
"Ni ake tambaya."
"Shi ya sa kake ƙirga kaya da kanka."
"Haka ne."
"'Yan dako a kan kowane buhu ake biyan su."
"E."
"Kai kake ba da adadin da za a biya su a kai."
"Ni nake bayarwa."
"Ba ka rubuta adadi a littafi sai an gama saukewa."
"Sai an gama."
"Da hannunka kake rubutawa."
"Da hannuna."
"Kowace mota layinta dabam."
"E."

A cikin tambaya takwas, ba a ambaci riɗi ba, ba a ambaci 12 ga Maris ba, amma mafita uku sun ƙuntata. Wanda ke rubuta adadi da hannunsa ba zai ce bai san lambobi ba. Wanda ba ya rubutawa sai an gama ba zai ce gaggawa ce ta sa ba. Wanda ke ba kowace mota layinta ba zai ce 300 jimillar mota biyu ce ba. Maganar 'yan dako tana da amfani na musamman, domin ta ba da dalilin da ya sa ƙirgar ba za ta zama ta wasa ba: masu jiran kuɗinsu a bakin sito su ma suna ƙirgawa.

Shafi na biyu na sa hannu ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a nuna masa bayaninsa na rantsuwa, ya amsa cewa sa hannun da ke ƙasa nasa ne. Yanzu kotu tana da samfurin da ba a jayayya a kansa, kuma sashe na 101 ya ba ta ikon gwada sa hannun da ake musu a kai da wanda aka amince da shi. Sai a tambaye shi al'adarsa game da takardar rakiya: direba ba ya tafiya sai an sa masa hannu, ba a sa hannu sai an gama ƙirga, idan kaya ba su cika ba akan rubuta a jikin takardar. Wannan tambaya ta ƙarshe tana cikin waɗanda babu takardar da ke bayansu, amma kowace amsa tana da amfani. Idan ya ce akan rubuta, takardar nan babu irin wannan rubutu. Idan ya ce ba a rubutawa, ya bar alƙali da tunanin wane irin sito ne ke sa hannu a kan 300 ya karɓi 200 bai ce uffan a rubuce ba.

Sai a shafi na uku ake zuwa ranar kanta, a taƙaice. Mota ɗaya ce ta kawo riɗi ranar? Daga mai ƙara take? Babu abin da aka mayar a cikinta? Ka ce a sakin layi na 6 buhu 200 ka ƙirga, har yanzu kana kan bakanka? Idan ya fara janyewa a nan, ya ce wataƙila ya manta, ba a hana shi. Mai shaidar da ya ce bai tabbata ba ya riga ya rushe sakin layi na 6 da kansa.

7.0 Buɗe Takarda da Tsayawa

Yanzu sharaɗin sashe na 232 ya hau. Ana roƙon magatakardan kotu ya miƙa masa littafin siton, wanda aka riga aka karɓa aka ba shi lamba, a buɗe shafi na 41. A tsarin lauya an rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya: ya amsa littafin nasa ne, ya amsa rubutun shafin nasa ne, ya sa yatsa a layin 12 ga Maris, ya karanta adadin. Gara shi ya karanta da bakinsa, domin abin da zai shiga rubutun alƙali ya zama amsarsa ce. Idan ya ƙi, lauya ya karanta, ya tambaye shi ko an karanta daidai. Daga nan takardar rakiya, a bi da ita haka.

Bayanin 'yan sanda yana bukatar nasa shiri tun kafin ranar zama. Takardar da ke fayil ɗin 'yan sanda ta hukuma ce, kuma idan ba asalinta za a kawo ba, kwafin da jami'in da ke riƙe da ita ya tabbatar bisa sashe na 104 ake nema. Fotokwafin da mai ƙara ya samo ta bayan fage ba zai shiga ba. Sannan a duba ƙasan takardar: an rubuta cewa an karanta masa da Hausa ya amince? Wane ne ya fassara? Idan babu wannan, ko kuwa kurtun da ya rubuta ba zai samu zuwa ba, mai shaida zai ce abin da ya faɗa dabam, abin da aka rubuta dabam, kuma ba abin mamaki ba ne alƙali ya saurare shi. A irin wannan hali ya fi kyau a bar takardar a jaka. Bayan littafin sito ya yi aikinsa, ƙara rarraunar takarda a kai ba ta ƙara komai, sai dai ta ba mai shaida wurin da zai yi gardama ya yi nasara, alƙali kuma ya tashi da wannan a ransa.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne bayan an karanta adadin. Zuciya tana ingiza lauya ya ce: to me ya sa ka rubuta 300? Wannan tambaya buɗe ƙofa ce, duk abin da ya shigo ta cikinta kuma shaida ne. Amma shiru gaba ɗaya ma kuskure ne. Ƙa'idar da aka sani da shari'ar Browne da Dunn ta 1893 ta ce wanda zai nemi kotu ta ƙi gaskata mai shaida a kan wani batu, sai ya fuskance shi da batun yana tsaye, ya sami damar amsawa. Kotunan Nijeriya ma sukan ɗauki shaidar da ba a ƙalubalanta ba a matsayin wadda aka amince da ita. Tsakanin waɗannan biyu, abin da ake rubutawa a ƙarshen shafin shi ne magana a rufe: "Ina gaya maka buhu 300 ka karɓa ranar, kamar yadda ka rubuta." Sai ta biyu: "Ina gaya maka ba ka shaida wa direba ko manaja cewa kaya ba su cika ba." Zai musa, alƙali ya rubuta, lauya ya zauna. Idan yana da bayani, lauyansa zai nema a tambayoyin gyara, sai dai a lokacin duk bayanin da zai kawo zai yi karo da abin da ya amsa a shafin farko.

8.0 Abin da Saɓanin ke Saya

Akwai abin da ya kamata a rubuta a saman tsarin tun ranar da aka fara shi. A shari'ar Sarauniya da Ukpong ta 1961, an kafa cewa idan mai shaida ya taɓa yin bayani a wajen kotu da ya saɓa wa shaidarsa, kuma bai ba da gamsasshen dalili ba, shaidar tasa ba abin dogaro ba ce, bayanin farkon kuma ba hujja ba ce da kotu za ta gina hukunci a kai. Kotun Ƙoli a shari'ar Egboghonome ta 1993 ta fitar da iƙirarin wanda ake tuhuma daga wannan ƙa'ida, amma ga mai shaida na gama-gari tana nan.

Ma'anar wannan ga misalin nan a fili take. Ko da bayanin 'yan sanda ya shiga, iyakar aikinsa ya rushe maganar 200. Ba zai tabbatar da 300 ba. Nauyin tabbatar da 300 yana kan mai ƙara, domin shi ya yi da'awa. Saboda haka dole takardar rakiyar kaya ta riga ta shiga tun a lokacin shaidar mai ƙara, ta hannun akawun da ya cike ta, direban kuma ya zo ya ce a gabansa aka sauke aka sa hannu. Littafin sito yana da matsayi dabam saboda kamfanin ne ya gabatar da shi a matsayin hujjarsa, kuma da wuya kotu ta bar shi ya dogara da shafukan Afrilu ya yi watsi da shafi na 41. Amma wannan ya dogara ga kamfanin ya gabatar da shi ɗin. Lauyan kamfani zai iya lura da shafin a daren zama ya fasa miƙa littafin. Shi ya sa a gida na uku na wannan shafi ake rubuta shirin ko-ta-kwana: an riga an ba kamfanin sanarwar ya kawo asalin littafin. Sanarwar ba ta tilasta masa kawowa, amma idan ya ƙi, ta buɗe hanyar gabatar da kwafin da shi da kansa ya aiko tare da takardun kariyarsa, kuma mai kula da siton yana nan tsaye da za a tambaye shi ko rubutun da ke kwafin nasa ne.